Mai hisabi ya ce sunan shagona da lambar gidan ba su hau ba: in saurare shi?

*Tambaya: Malam, zan buɗe shagon sarin kayan masarufi a Kaduna, na sa masa suna Nasara. Kuma ina cinikin gida a wani sabon rukunin gidaje, mai lamba 14, a kan naira miliyan 28. Yayana ya kai maganar wurin wani mai hisabi, ya ce sunan bai hau da nawa ba, gidan ma haka, wai in ɗauki mai lamba 17 wanda kuɗinsa miliyan 31 ne. Ni ban yarda da abin ba, amma yaya da Hajiyarmu sun damu. Yaya zan auna wannan magana?*

Ɗan'uwa, kafin ka yarda ko ka ƙi, ya kamata ka ga yadda ake fitar da lambar, domin duk hukuncin da aka yanke maka a kanta ya rataya. Aikina kimanta gidaje da filaye ne, amma na yi karatun zaure, kuma lissafin abajada ba baƙona ba ne. Bari mu yi shi tare da sunan da ka zaɓa.

A hisabi kowane baƙin Larabci yana da adadinsa. Alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, haka har zuwa dubu. Mai lissafi zai rubuta sunan da ajami, ya tara adadin baƙaƙen, sannan ya yi ta zubar da wani adadi har ya samu saura. Idan yana neman ɗabi'ar sunan, wato wuta ko ƙasa ko iska ko ruwa, sai ya yi ta zubar da huɗu huɗu. Idan buruji yake nema, goma sha biyu. Wani kuma tara tara yake zubarwa. Yawanci za a haɗa da sunanka da na mahaifiyarka, a fitar da naka sauran, a gwada da na shagon. Abin da ake nufi da "ya hau" ko "bai hau ba" ke nan.

To amma jerin abajada ba ɗaya ba ne. Akwai na Gabas, wanda ake bi a Masar da Hijaz da Indiya, akwai kuma na Magariba, wanda malaman ƙasar Hausa suka gada. Sun saɓa a baƙaƙe shida. Sin a Gabas 60 ne, a Magariba 300. Sad a Gabas 90, a Magariba 60. Shin a Gabas 300, a Magariba 1000. Haka lad da za mai hannu da gain duk sun bambanta. Idan ka taɓa ganin ramzin shekara a ƙarshen tsofaffin waƙoƙin malaman Sakkwato, za ka ga shin da ra suna yawan zuwa tare, saboda a lissafinsu 1000 da 200 ne, wato 1200 na Hijira. Da jerin Gabas aka bi da 500 za su bayar. Wannan kuwa shi ne amfanin abajada da babu mai jayayya a kansa, hanya ce ta rubuta adadi da baƙaƙe. Ko 786 ɗin nan da 'yan Indiya da Pakistan suke rubutawa a madadin Bismilla, lissafin Gabas ne. Idan ka tara da jerin Magariba 1026 za ka samu.

Yanzu ɗauki Nasara. Idan aka rubuta shi a asalinsa na Larabci, nun da sad da ra, jerin Gabas zai ba ka 50 da 90 da 200, jimilla 340. Jerin Magariba zai ba ka 50 da 60 da 200, jimilla 310. Idan marubucin ya ƙara alif a ƙarshe don jan wasali, kamar yadda masu ajami da yawa suke yi, sun koma 341 da 311. Zubar da huɗu huɗu ka gani. Sauran 341 ɗaya ne, na 310 biyu, na 311 uku, na 340 kuwa huɗu cif. Wato suna ɗaya ya ba ka ɗabi'o'in nan huɗu gaba ɗaya, wuta da ƙasa da iska da ruwa, ba tare da an canza yadda ake furta shi ba. Idan tara tara aka zubar, za a samu 7 da 4 da 8 da 5. Ban ma sa wanda zai rubuta shi da sin ba, kamar yadda bakin Bahaushe yake faɗarsa, wanda a jerin Magariba, da alif ɗin ƙarshe, zai kai 551.

Kuma ka tuna allon shagonka da boko za a rubuta shi. Masu lissafin boko su ma hanya biyu gare su. A wadda suke jingina wa Fitagoras, tsohon masanin lissafin Girka, A ɗaya ce har zuwa I tara, sannan a sake farawa daga J. A nan NASARA zai ba da 5, 1, 1, 1, 9, 1, jimilla 18, a haɗa 1 da 8 a samu 9. A ɗayar, wadda suke kira ta Kaldiyawa, S uku ce, R biyu, jimilla ta koma 13, a haɗa a samu 4. Su kuwa ɓ da ɗ da ƙ ba su da gurbi a ko ɗaya daga cikin jadawalan biyu, saboda waɗanda suka tsara su ba su san da zamansu ba. Mai shagon da ya sa wa kasuwancinsa Ƙarko ko Ɗorewa sai dai mai lissafi ya ƙaga masa adadi.

Ka ga inda maganar ta dosa. Lambar da aka ce ita ce ta shagonka ba a cikin sunan take ba, tana fitowa ne daga zaɓin da mai lissafi ya yi: wane jeri, wane rubutu, wane adadi za a zubar. Zaɓi uku ne, kuma duk ukun a hannunsa suke. Shi ya sa idan ka kai suna ɗaya wurin masu hisabi uku waɗanda ba su san juna ba, ba abin mamaki ba ne ka dawo da amsa uku. Shi ya sa kuma gyara bai taɓa gagara ba. A ƙara alif, a cire waw, a sa "da 'ya'yansa" a ƙarshe, lamba ta koma inda ake so.

Wannan sana'a tsohuwa ce, kuma masu hankali sun daɗe suna bincikenta. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya kawo irin wannan lissafi da ake yi don a gano wanda zai yi nasara tsakanin sarakuna biyu masu yaƙi: a tara sunan kowanne, a zubar da tara tara, a gwada saura. Ya bayyana hanyar dalla-dalla, sannan ya ce ba ta da wata hujja da ta tsaya a kanta, ya kuma yi shakkar jingina ta da ake yi ga Aristotle, masanin falsafar Girka. A wajenmu ma an yi Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741, wanda ya yi rubutu a kan hanyoyin tsara hatimi. Ɓangaren lissafi na aikinsa, wato yadda za a jera lambobi a gidaje kowane layi ya ba da jimilla ɗaya, gaskiya ne, kowa zai iya gwadawa ya gani. Cewa jimillar za ta kawo ciniki magana ce daban, ita ce ba a taɓa nunawa ba.

Idan kana son ka gwada mai hisabin nan ba tare da ka ci mutuncinsa ba, ga hanya. Ka samo sunayen shaguna goma daga wani garin da bai sani ba, biyar da suka rufe, biyar da suke ci gaba, tare da sunayen masu su idan yana buƙata. Ka gauraya su, ka ce ya ware maka biyar ɗin da suka rufe. Sai dai ka san yadda za ka karanta sakamakon, domin a nan mutane suke ruɗuwa. Wanda ya rufe ido ya zaɓa kawai zai dace da uku ko fiye daga cikin biyar a rabin lokuta. Saboda haka uku ba komai ba ne. Huɗu ko fiye yana faruwa da sa'a kusan sau ɗaya cikin goma. Biyar cif ne yake da wuya, sau ɗaya cikin 252. Idan ya ci biyar, a sake da wasu goma. Galibi dai ba a kaiwa nan, za a ce maka lissafin ba ya aiki a kan abin da ya riga ya wuce, ko sai an ga mutum ido da ido. Wannan amsar ita ma ta isa ka yanke hukunci.

Akwai ma gwajin da ba ya buƙatar kowa. Saura iri tara ne kawai ake iya samu idan ana zubar da tara. A kasuwar da take da shaguna 900, kusan ɗari za su faɗa kan lamba ɗaya da taka. Cikin ɗarin nan akwai wanda ya je Hajji da ribar bara, akwai wanda bashi ya kora. Mai hisabi zai tuna maka na farkon idan yana yabon lambar, ya tuna na biyun idan yana kushe ta.

Yanzu ga gidan, inda kuɗin gaske yake.

Zan faɗi wani abu da masu ƙaryata hisabi sukan tsallake. Lamba tana iya taɓa farashin gida, amma ta hanya ɗaya tak, wato idan masu saye da yawa sun yi imani da ita. A wajen Sinawa kalmar huɗu tana kama da kalmar mutuwa a furuci, takwas kuma tana kama da kalmar arziki. Abin ya yi ƙarfi har an buɗe wasannin Olamfik na Beijin ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe takwas na dare. Wasu masana tattalin arziki sun bi cinikin gidaje sama da dubu ɗari a yankin Vancouver na ƙasar Kanada, tsakanin 2000 da 2005. Sun samu cewa a unguwannin da Sinawa suke da yawa, gidan da lambarsa ta ƙare da 4 yana faɗuwa da kimanin kashi 2.2 cikin ɗari, wanda ta ƙare da 8 kuma yana hawa da kimanin kashi 2.5. A unguwannin da ba su da yawa, bambancin ya ɓace. Lambar ɗaya ce a unguwannin biyu, masu sayen ne suka bambanta.

Sai ka auna da naka. Gida mai lamba 14 ya ƙare da 4, kuma 17 idan aka haɗa 1 da 7 takwas ne, ko da yake ba lallai ne wannan ne dalilin malamin ba. Ko da a ce gidanka a tsakiyar waccan unguwa ta Vancouver yake, kashi 2.2 na miliyan 28 naira dubu 616 ne. Kai kuwa ana so ka ƙara miliyan uku, sama da kashi goma cikin ɗari. Kuma wanda zai saya daga hannunka nan gaba a Kaduna ba Basine ba ne. A wajenmu babu wata lamba ɗaya da jama'a suka haɗu a kan gudunta, saboda hisabinmu da sunan mutum ake haɗa shi, abin da bai hau da kai ba yana iya hawa da mai saye na gaba. Saboda haka ko ta fuskar sake sayarwa, 14 ba ta rage maka komai. A aikina ina rubuta girman fili da ingancin gini da hanya da ruwa da takardu. Babu gurbin lambar ƙofa a lissafin ƙima.

Wace lamba ma ake nufi? Gidan yana da lambar fili a taswirar safiyo, yana da lambar da mai ginin rukunin ya liƙa a ƙofa don sauƙin sayarwa, yana da lambar fayil a hukumar filaye, watarana kuma hukuma tana iya sa wa titin suna ta sake jera lambobi, 14 ta koma 27. Gini bai motsa ba. Idan ka tambayi malamin wacce daga cikinsu take riƙe da rabonka, za ka ga ya zaɓi wadda aka ba shi ne kawai.

Abin da ya kamata ka bincika shi ne dalilin tazarar miliyan uku ɗin. Mai gini ba ya ƙara kuɗi don hisabi. Wataƙila 17 a kwana yake, filinsa ya fi girma. Wataƙila 14 yana gangare inda ruwa yake taruwa, ko yana jikin taransifoma, ko bayansa magudana ce. Ka je bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ka duba gindin katanga ko akwai alamar laima da fenti mai ɓarewa, ka tambayi waɗanda suka riga suka tare. Ka sa lauya ya yi bincike a KADGIS, hukumar filaye ta jihar Kaduna, ya tabbatar lambar filin da ke takarda ita ce ta filin da aka nuna maka, kuma babu jinginar banki a kansa. Ka tambayi yadda za a fitar maka da takardar mallaka ta kanka daga ta rukunin, da wanda zai biya kuɗin amincewar gwamna wanda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta kafin mallaka ta koma hannunka. Idan bayan wannan 17 ya fi 14 da abin da ya kai miliyan uku, ka saye shi da dalilinka. Idan bai fi ba, ka bar shi.

Sannan ka yi wata tambaya a hankali, ba tare da zargi ba: wa ya kai yayanka wurin wannan malami, kuma ta yaya malamin ya san akwai 17 a kasuwa? Idan dillalin ne ya nuna hanya, ka tuna la'adarsa tana ƙaruwa da farashi. Ba kullum haka take ba, amma na ga inda ta kasance haka. Wata alamar ita ce idan magana ta tashi daga shawara ta koma tsoratarwa, a ce za a yi rashi a gidan, sannan a biyo da magani mai kuɗi, yau turare, gobe rago. Wanda ya gano ciwon, shi ne kuma kaɗai mai sayar da maganin, ya cancanci a yi taka-tsantsan da shi.

Maganar suna ta fi sauƙi, domin yanzu canza shi kusan kyauta ne. Ba ka yi rajista ba, ba ka buga allo da rasit ba. Ni abin da zai sa in sake tunani a kan Nasara shi ne yawan masu shi. Kafin komai ka duba a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko wani ya riga ka, domin hukumar ba ta karɓar sunan da ya yi daidai da wanda aka yi wa rajista ko ya yi kama da shi har ya iya ruɗar mutane. Dokar kamfanoni ta 2020 ta kuma sa sai da izini na musamman kafin a yi amfani da kalmomi irin su `Federal`, `National`, `State` ko `Group`. Da wuya Nasara shi kaɗai ya wuce, sai ka haɗa shi da wata kalma, kuma da ka haɗa, lambar da malamin ya fitar ta tashi aiki. A lissafin Fitagoras, `NASARA` 9 ne, `NASARA VENTURES` kuma 52, wato 7. Ka kuma sani rajistar sunan kasuwanci ba ta ba ka mallakar tambari. Idan wata rana za ka riƙa ƙulla kaya da sunanka a jiki, wannan rajista ce daban.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne murɗa rubutun suna don lamba ta fito, a rubuta `Nassarah` ko `Nasaraa`. Wannan yana da farashi na zahiri. Abokin ciniki zai nemi shagonka a waya da rubutun da ya sani, ya faɗa kan na wani. Mai tura kuɗi zai ga sunan asusu ya saɓa da abin da ya ji, ya tsaya yana kira. Idan kuma aka samu saɓanin harafi ɗaya tsakanin takardar CAC da ta haraji da ta banki, za ka yi zirga-zirgar gyara. Gwajin suna mai amfani shi ne ka faɗa wa direban da zai kawo maka kaya daga Kano ta waya sau ɗaya, ka ga ko zai rubuta shi daidai.

Ta ɓangaren addini, tunda na san nan Hajiya za ta fi saurara, akwai bambanci tsakanin son suna mai kyakkyawar ma'ana da camfa lamba. Hadisi ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana camfi, yana kuma son fata nagari, wato kalma mai daɗi. Ya canza wa wata suna daga Asiya mai ma'anar mai saɓo zuwa Jamila, saboda ma'ana. Ba a ruwaito ya tara adadin baƙaƙe ba. Nasara kuwa ma'anarsa ba ta da aibi. Ga mai shakka a kan ciniki, abin da aka koyar shi ne istihara da shawarar waɗanda suka san abin. Don hukuncin zuwa wurin mai da'awar sanin abin da zai faru, ka tambayi malamin fiƙihun da iyalinku suka yarda da shi, ya fi kyau Hajiya ta ji daga bakinsa a kan ta ji daga naka.

Kada kuma ka raina damuwarsu, domin ita ma tana da nata farashi. Idan ka tare a 14 suna ganin gidan bai hau ba, duk zazzaɓin da ya kama yaro da duk bututun da ya fashe za a ɗora wa lambar. Ni a matsayinka zan raba abin biyu. A kan suna zan sassauta, tunda ko ba don su ba sai an ƙara kalma kafin rajista ta wuce. Ka kawo sunaye uku waɗanda ka riga ka duba a CAC, duk suna da sauƙin faɗa da rubutawa, ka ce Hajiya ta zaɓa ta sa albarka. A kan gida ba zan biya ko kwabo don lamba ba. Ka ɗauki yaya ku je tare ranar da za a duba ginin da takardu, ya ga gindin katanga da idonsa, ya ji bayanin lauya da kunnensa. Idan har yanzu yana son 17, ka nuna masa abin da miliyan uku za ta zuba maka na kaya a shagon da ba ka buɗe ba tukuna, ka tambaye shi ko zai cika ratar daga aljihunsa.